Amsa Kan Ƙorafin Ƙin Ba da Magani

Aboabo, Kumasi
18 ga Maris, 2024

Magatakarda,
Majalisar Kula da Aikin Harhaɗa Magunguna ta Gana,
Akra.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarku ta 6 ga Maris ta iso hannuna ta ofishinku na Jihar Ashanti, inda kuka nemi in yi bayani kan ƙorafin da wata baiwar Allah ta shigar a kaina. Abin da ta faɗa gaskiya ne. Ta kawo takardar likita mai inganci, maganin yana cikin kantin, ni kuma na ƙi ba ta da hannuna. Dokar da kuke aiki da ita, wato Doka ta 857 ta shekarar 2013, ta ba ku ikon ku tambaye ni dalili, shi ya sa zan faɗi yadda aka yi ba tare da na rage komai ba. Sunanta yana wurinku, ba zan rubuta shi a nan ba.

Ranar Laraba ce, 21 ga Fabrairu, bayan sallar magariba. A irin wannan lokaci kantinmu cike yake: mai neman maganin zazzaɓin cizon sauro, tsohon da ya zo awon jini, yaron da aka aiko sayen farasitamol. Ta shigo a hankali, ta miƙo takarda a naɗe ƙuƙut, har ta jiƙe da gumin tafin hannunta. Na buɗe na ga sa hannun likita da hatimin asibiti mai rajista. An rubuta mifefiriston ƙwaya 1 da misofirostol ƙwaya 4, ciki na mako 7. Duk wanda ya yi karatun aikinmu ya san abin da haɗin nan yake yi: na farko ya tare sinadarin da ke riƙe ciki, na biyu ya sa mahaifa ta matse ta fitar da abin da ke cikinta.

Na tambaye ta ko tana zubar da jini, ko ciwon mara, ko likita ya ce ɗan ya mutu a ciki, ko ya ce ranta na cikin haɗari. Ta ce a'a. Ban tambayi dalilinta ba, domin wannan tsakaninta ne da likitanta. Daga nan na ce mata ni ba zan iya ba da wannan magani ba.

Yallaɓai, da na so sauƙi da na ce mata ya ƙare, ta juya ta tafi, babu takarda babu ƙorafi. Ban yi ba, saboda ƙarya ce, kuma da ta sa ta yawo kanti kanti cikin dare ba ta san gaskiyar lamari ba. Na gaya mata takardarta ba ta da aibi, matsalar daga wurina take. Na mayar mata da ita ban yi ko ɗigo a kai ba. Na ce abokin aikina da ke zaman safe yana ba da maganin, zai zo ƙarfe 8, ko kuma in kira wata abokiyar sana'a a Asawase yanzu. Ta zaɓi na biyu. Na kira a gabanta, aka ce akwai, amma sun kusa rufewa. Kafin ta sami abin hawa ta isa sun kulle, sai washegari ta samu. Na san daren nan ya yi mata tsawo, kuma ni ce sanadi.

Akwai laifin da ba zan kare kaina a kansa ba. Maganar farko a gaban teburin sayar da magani na yi ta, mutum biyu suna tsaye a bayanta, kafin hankalina ya dawo in ja ta zuwa ɗakin da muke ganawa da marasa lafiya. Ban ambaci sunan magani ba, amma a zango ai ba sai an ambata ba. Kowa ya san gidan kowa, ana ganin mace ta fita da hawaye daga kantin magani magana ta tashi. Na ga yadda ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, har yau hoton bai bar idona ba. Rufin asirin mara lafiya wajibi ne a kaina ko na ba da magani ko na hana, kuma a nan na gaza. Ina roƙon ku isar mata da ban haƙurina, in ta yarda kuma zan ba ta haƙuri baki da baki.

Sai dalilin ƙin. Ni Musulma ce, na tashi a gidan da ake karatu kan mazhabar Malikiyya, kamar yawancin gidajen zangon Kumasi. Na san malamai sun yi saɓani kan cikin da bai kai kwana 120 ba, wasu sun sassauta in akwai uzuri. Abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne hani tun daga farkon shigar ciki, sai fa in ran uwa ake so a ceto. Da wannan zuciyata ta natsu tun ina ɗaliba a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, kuma shekara 14 da na yi ina aiki ba su sauya ni ba. In na zaro fakitin nan na ɗora a tafin wata, na bayyana mata yadda za ta sha, na sa hannuna a cikin aikin, kuma ni zan amsa tambayarsa gaban Allah. Ba hukunci nake yanke mata ba. Ban san nauyin da ta ɗauko ba, ban kuwa isa in ce na fi ta tsoron Allah ba.

Na san dokar ƙasa. Sashe na 58 na Dokar Laifuka ta 1960, bayan gyaran 1985, ya halatta cire ciki ta hannun likita mai rajista idan fyaɗe ne, ko saduwa da muharrami, ko barazana ga rai ko lafiyar jiki ko ta ƙwaƙwalwar uwa, ko fargabar nakasa mai tsanani ga ɗan. Ban yi jayayya da haƙƙin da ya ba ta ba. Tsarin mulkin 1992 kuma, a sashe na 21, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tunani da imani da bin abin da zuciyarsa ta yarda da shi. Ni da ita duka muna ƙarƙashin inuwarsa.

Kada a ɗauka misofirostol nake ƙyama. Kusan kowane mako ina ba da shi. Unguwarzoma ta turo a ba ta don tsayar da jini bayan haihuwa, in bayar da gudu, don na san yadda jinin haihuwa ke ɗauke mace kafin a kai ta asibitin Komfo Anokye. Matar da ta yi ɓari bai fita duka ba, ina ba ta. Da wannan baiwar Allah ta zo jini na zuba, ko likita ya rubuta cewa ranta ake ceto, da ban tsaya wata tambaya ba.

Wasu daga cikin mutanenmu sun ce ko nuna mata wani kanti da na yi taimako ne a kan abin da na ƙi. Na daɗe ina juya maganar a raina. Inda na tsaya shi ne ikona a kan hannuna yake, bai kai ga in toshe mata hanya ba. Kuma na ga abin da ke faruwa da matan da aka kora ba bayani: su koma wajen mai tallan magani a tasha, ko su sha wani jiƙo, a kwaso su rai a hannun Allah.

Tun daga ranar mun gyara tsarinmu. Mai kantin ya san matsayina a rubuce. Duk takarda irin wannan a ɗakin ganawa ake buɗe ta. Muna da yarjejeniya da kantuna biyu da ke kaiwa ƙarfe 10 na dare, kuma abokin aikina ya yarda a kira shi ya dawo in buƙata ta taso a zamana.

Ina roƙon Majalisa, in ta gama duba wannan, ta rubuto mini ƙarara abin da take so mai irin matsayina ya yi a irin wannan dare, zan bi duk sharaɗin da bai kai ga in miƙa maganin da kaina ba. In kun ga kuskurena na rufin asiri ya cancanci horo, na karɓa. Na haɗo kwafin littafin shigar da magunguna na ranar da bayanin abokin aikina, kuma a shirye nake in bayyana gaban kwamitinku a Kumasi ko a Akra duk ranar da kuka sa.

Na gode. Allah ya taimake ku.

Taku,
Hajara Muhammad Awal
Mai harhaɗa magunguna, Aboabo, Kumasi