Takardar dubawa ta sababbin ma'aikata: kula da sanyin allurar riga-kafi

Abokan aiki, barkanku da zuwa. Horon da aka yi mana ta Zoom ya ci awa ɗaya da minti 40, kuma na san ba kowa ke da datar kallonsa ba. Shi ya sa na zauna na saurare shi, na zubar da gaishe-gaishe da "kuna ji na?" da dogon tarihin da mai koyarwa ya fara da shi, na bar abin da hannunku zai taɓa kullum. Mintin da na rubuta a gaban kowane sashe shi ne inda za ku same shi a bidiyon. A manna takardar nan a bangon da ke kusa da firiji.

Da safe, kafin a taɓa komai (minti na 12)

☐ Duba ma'aunin firiji. Dole ya kasance tsakanin 2°C da 8°C.
☐ Rubuta a takardar yanayin sanyi, ka sa hannu. Haka za ka sake yi da yamma kafin tashi. Sau biyu kullum, har Asabar da Lahadi da ranar Sallah.
☐ In ya fita daga ƙa'ida, gaya wa in-caji nan take. Kada ka murɗa komai da kanka.
☐ Ba a ajiye ruwan leda, zoɓo ko abincin rana a firijin nan, ko na wa ne.

Ɗaukar kwalba (minti na 27)

☐ Duba ranar ƙarewar aiki. Wadda ta fi kusa da ƙarewa ita ake fara fitarwa.
☐ Duba alamar VVM, wato ɗan murabba'in da ke cikin da'ira a jikin kwalbar. In murabba'in ya fi da'irar haske, a yi amfani da ita. In sun zama launi ɗaya ko ya fi ta duhu, a ware ta, ko da ranarta da saura. Wadda murabba'inta ya fara yin duhu amma bai kai launin da'irar ba, ita za a riga amfani da ita.

Daskarewa (minti na 41 zuwa 58)

Wannan sashen ku daure ku kalla da idonku. Mu da muka saba da zafin Maris da Afrilu, tsoronmu duk yana kan zafi, sai mu ɗauka iya sanyi iya kyau. Ba haka ba ne. Penta, Td, HepB, PCV da IPV suna lalacewa in sun daskare, kuma VVM ba ta nuna hakan, zafi kaɗai take gani. Kwalbar za ta narke ta koma kamar babu abin da ya same ta, a yi wa yaro, uwa ta tafi da katinta tana murna, alhali bai samu kariya ba.

☐ Kada kwalaben nan su jingina da bangon firiji ko ƙanƙara.
☐ Ƙanƙarar akwatin fita, a fitar da ita a shimfiɗa kan tebur har sai ka girgiza ka ji ruwa na motsi a ciki. Sannan a jera.
☐ In kana zargin kwalba ta daskare, ware ta ka kira in-caji a yi gwajin girgizawa: ana daskarar da wata kwalbar mai lambar zubi ɗaya da gangan, a narkar, a girgiza su tare, a ajiye. In wadda ake zargi ta kwanta da sauri kamar waccan, ta lalace. Gwajin ba ya aiki a kan IPV.

Haɗawa da buɗewa (awa ɗaya da minti 5)

☐ BCG, ta ƙyanda da ta shawara: kowacce da ruwan haɗinta na kamfaninta, ba a aro. Ruwan ya yi sanyi tun jiya, amma kada ya daskare.
☐ Rubuta lokacin da ka haɗa a jikin kwalbar. Bayan awa 6, ko lokacin da aka tashi aiki, duk wanda ya riga zuwa, a zubar. Kada ka ce asara ce.
☐ BCG da ta ƙyanda ba sa son haske. A soka su cikin soson bakin akwati.
☐ Penta, Td, HepB da ɗigon shan-inna suna iya kai kwana 28 bayan buɗewa, in an rubuta ranar buɗewa, sanyi bai yanke ba, VVM na da kyau.

Bayan allura

☐ Ba a mayar wa allura murfi. Kai tsaye cikin kwalin zubar da allura, a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu.

In firiji ya tsaya: kada a yi ta buɗe shi ana leƙe. Kira in-caji, shi zai kira jami'in sanyi na ƙaramar hukuma, ku kuma ku shirya babban akwatin sanyi. Lambobinsu na rubuce a murfin rajista.

Tambayoyin ƙarshen bidiyon na bar su, yawancinsu kan alawus ne. Makon farko kowa zai bi takardar nan tare da Sista mai kula da sashe, ta sa hannu a bayanta kafin a ba shi mabuɗin ɗakin firiji.