Saƙon Kyanwa

A watan Janairu, lokacin da hunturu yake kankama a Katsina har hazo ya ɓoye hasumiyar Gobarau ga mai hangenta daga nesa, kyanwar shagon Alhaji Sani ba ta da wurin kwanciya da ya wuce gefen kwamfutarsa, saboda iskar ɗumin da take fitowa daga nan. Shagon kayan masarufi ne a Ƙofar Ƙaura, kuma ɓerayen da suka addabi buhunan shinkafa ne suka sa aka kawo ta tun tana 'yar mitsitsiya.

Ranar wata Talata da hantsi Alhaji Sani ya buɗe lissafin masu bashi, sai idonsa ya tsaya a kan suna guda: Malam Lawal, naira 46,000, kuɗin shinkafa da man girki da sukari. Malam Lawal shi ya koya masa karatu a firamare, kuma tun da kuɗin fanshonsa ya yi jinkiri ya daina bin ta ƙofar shagon, wata biyu ke nan, gara ya zagaya ta wani lungu ko da tafiyar za ta ninka. Alhaji ya buɗe WhatsApp a kwamfutar, ya rubuta maganar bashin ya goge, ya sake rubutawa ya sake gogewa, domin ya rasa kalmar da ɗalibi zai tuna wa malaminsa bashi da ita ba tare da ya kunyata shi ba. Kalma ɗaya ta rage a wurin rubutun sa'ad da motar kaya ta tsaya a waje, ya fita ƙirga katan.

Kyanwar ta miƙe, ta yi miƙa, ta taka madannan daga hagu zuwa dama tana nufin kwanon ruwanta, ƙafarta ta ƙarshe kuwa ta sauka a kan Enter. Abin da ya tafi shi ne: "Malam asdddfff ghhjjjjkl;;;;"

Ba a fi minti ashirin ba sai ga Keke Napep ya tsaya a ƙofar shagon, Malam Lawal ya sauko ba ko hula a kansa, mutumin da unguwa ba ta taɓa ganin kansa a buɗe ba.

"Ina Sani? Ku ce mini yana ina!"

Alhaji ya fito daga bayan katan-katan ya durƙusa. "Ga ni, Malam. Lafiya kuwa?"

Tsohon bai amsa ba. Ya kama hannayensa biyu ya ce ya matse nasa, ya ƙura wa bakinsa ido, ya sa shi ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Sai da ya ji magana ta fita sarai sannan ya zauna a kan benci yana haki, ya miƙa masa waya.

"Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba. Haka ƙanena ya turo mini saƙo bara, haruffa ba kai ba gindi, na ɗauka wasan jikoki ne na ajiye wayar. Ashe shanyewar ɓarin jiki ce ta kama shi yana ƙoƙarin kirana. Sai da yamma aka kai shi asibiti, likita ya ce an makara ƙwarai, har yau hannunsa bai dawo ba."

Alhaji ya dubi saƙon, ya dubi wayarsa da ke caji a cikin durowa, sannan ya dubi kyanwar da ta koma wurinta tana lasar ƙafa. Yaron shago ya fara dariya, amma da ya ga idanun maigidansa sun kawo ruwa sai ya haɗiye ta.

"Aikin wannan ce, Malam. Ka gafarce ni."

"Kyanwa ta iya rubuta Malam?" in ji tsohon a hankali. "Na san abin da ka zauna za ka rubuta, Sani, kuma kana da gaskiya. Kunya ce ta hana ni zuwa."

"Gaisuwa zan rubuta, Malam," in ji Alhaji, kansa a sunkuye. Dukansu sun san ba haka ba ne, amma babu wanda ya ƙara komai.

Ya aiki yaro ya karɓo shayi mai kauri da burodi, ya cire hularsa ya miƙa wa malaminsa da hannu biyu. Malam Lawal ya ce zai riƙa kawo naira 5,000 duk ƙarshen wata, ya kuma dage sai an rubuta haka a gabansa. Alhaji ya ɗauke kyanwar daga gefen kwamfutar ya ɗora ta kan buhun gero, ya rubuta, ya sa yaro ya auna tiya biyu ta shinkafa ya kai cikin Keke Napep ɗin tun kafin tsohon ya gama shayinsa.