Zuwa ga iyayen ɗaliban ajinmu na Manɗiƙ

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, tare da fatan kuna lafiya da iyalai.

A taron iyaye da malamai na Asabar ɗin da ta wuce, wani dattijo ya tambaye ni me ya sa 'yarsa ke karanta Manɗiƙ, wato ilimin auna hujja, amma ba ta ciyo wa makaranta kofi a gasar muhawara ba. Tambayar ta cancanci amsa a rubuce.

A gasa, ƙuri'a ce ke ba yaro ɓangaren da zai kare, ko ya yarda da shi ko bai yarda ba, makinsa kuwa yana ga kayar da abokin karawa. Nan ake koyon ɗaga murya, da murɗe maganar mutum, da sukar mai magana a bar maganarsa. Mu a aji sunayen waɗannan dabaru muke koya, domin yaro ya gane su in an yi masa.

Ga irin aikinmu. Na rubuta a allo: "Duk wanda ya sha ruwan rijiyar nan ya yi zazzaɓi. Musa ya yi zazzaɓi. Ashe Musa ya sha ruwan rijiyar." Rabin aji suka amince, sai wata yarinya ta ce, "Malam, ai sauro ma yana kawo zazzaɓi." Ita ta samu makin ranar, alhali ba ta kayar da kowa ba. Wanda ya janye ra'ayinsa saboda an kawo masa hujja ma ina ba shi maki.

Ilimin nan ba baƙo ba ne. Tun zamanin Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ake karanta shi, malamanmu na zaure ma sun daɗe suna karantar da shi.

Roƙona, idan yaro ya ce muku "mene ne dalili?", in dai da ladabi ya tambaya, ku daure ku ba shi amsa. In ya yi tsaurin ido kuwa, ku sanar da ni. Ina makaranta kowace Laraba bayan azahar.

Wassalam,
Malam Sabi'u, malamin Manɗiƙ