Me ya sa muke bin yarima a sha kiɗa?

Assalamu alaikum. Malam darakta, 'yan'uwana malamai, da ku ɗalibai, barkanmu da war haka. Minti goma sha biyar aka ba ni, kuma na ga rana ta fara cin waɗanda ke zaune a baya, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Bari in fara da neman afuwa. Ɗazu da aka fita shan iska, wasunku sun ga ɗalibai huɗu 'yan ajin ƙarshe tsaye a gindin bishiyar nan ta bakin ƙofa, sun ɗaga kai suna kallon sama. Ni na sa su. Babu komai a kan bishiyar, ko tsuntsu babu. Ina tsaye a bakin ofis ina ƙirga waɗanda suka taru, na kai talatin da wani abu sai na gaji na bari. Wani yaro har rantsuwa yake yi wai ya ga maciji. Mai sayar da fanke ma ta bar farantinta ta zo leƙe. Kuna dariya, to, ku sani har da malami ɗaya a cikin masu kallon, ba zan dai faɗi sunansa ba.

Wannan wasan ba ni na ƙago shi ba. A shekarar 1969 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Stanley Milgram da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon irinsa, wanda suka yi a kan wani titi mai cunkoso a birnin New York. Idan mutum ɗaya ya tsaya yana kallon tagar wani bene, kusan mutum 4 cikin 100 na masu wucewa ne ke tsayawa. Idan mutum goma sha biyar suka tsaya, sai masu tsayawa su kai 40 cikin 100, masu ɗaga kai kuwa su haura 80. Tagar ba ta canja ba, yawan masu kallon ne ya canja.

Kada ku ce wauta ce. Sau da yawa dabara ce mai kyau. Idan ka sauka a tashar garin da ba ka sani ba, ka ga mai abinci biyu, ɗaya layi ya cika gabanta, ɗaya kuma tana korar ƙuda, wurin wa za ka? Idan kana cikin Kasuwar Dole ka ga kowa ya watse da gudu, ba za ka tsaya neman bayani ba, sai ka kai Sabon Gari sannan ka tambayi abin da ya faru. Hausar da kuke ji yanzu, babu wanda ya koya muku ita a allo, kwaikwayo kuka yi. Haka kuka koyi alwala, da gaisuwa, da tuƙa tuwo, da yadda ake durƙusa wa babba. Kakanninmu da suka ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka ka ɗaura, sun san abin da suke faɗa. Wanda bai san wuri ba, idon mutanen wurin yake ara.

Wannan shi ne dalili na farko: ban sani ba, ina zaton su sun sani. Na biyu ya fi shi ciwo, domin a nan ka sani sarai, kunya ce kawai da tsoron a ware ka.

A shekarar 1951 wani malami a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa tara ɗalibai bakwai ko takwas a ɗaki. Sai ya nuna musu kati mai zane ɗaya, da wani katin mai zane uku, ya ce kowa ya faɗa da baki wanne ne cikin ukun ya yi daidai da na farko a tsawo. Tambaya ce da ɗan firamare zai amsa. Abin da ɗalibi ɗaya bai sani ba shi ne, duk sauran an haɗa baki da su, kuma an zaunar da shi kusa da ƙarshe don ya ji amsar kowa kafin tasa. A cikin zagaye 18, sau 12 sukan haɗu su ba da amsar da ba ita ba, fuska a sake. Ku sa kanku a kujerarsa. Idonka na ce maka na biyu ne, mutum shida sun ce na ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin da aka bayar a irin wannan hali sun bi ƙaryar jama'a, kuma mutum uku cikin huɗu sun bi ta aƙalla sau ɗaya. Waɗanda aka tambaya su kaɗai kuwa, kuskurensu bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Da aka zanta da waɗanda suka bi ƙaryar daga baya, wasu sun ce sun ga gaskiya, ba su dai son a yi musu kallon bare.

Kun san wannan kujerar. Malam ya gama bayanin lissafi ya ce, "Kun gane?" Aji duka ya ce, "Eee!" Kai ba ka gane ba, amma ka waiga ka ga kowa ya gyaɗa kai, sai ka ce lallai ni kaɗai ne daƙiƙi, kai ma ka gyaɗa. Na kusa da kai kuma kai yake kallo, ya ga ka gyaɗa, shi ma ya gyaɗa. Mutum saba'in kowa yana ruɗin kowa, sai ranar da na karɓi takardunku in gane ashe mutum biyar ne suka gane. Wallahi wannan abu ya fi komai ƙona mana rai mu malamai.

Irin wannan kallon-kallon har rai yakan ci. A 1968 wasu masana biyu, Latané da Darley, suka zaunar da ɗalibai suna cike takarda, sai aka riƙa turo hayaƙi cikin ɗakin ta wata kafa. Wanda ke zaune shi kaɗai, uku cikin huɗu sun tashi sun kai rahoto. Wanda aka haɗa da mutum biyu da aka umarta su yi kamar ba su ga komai ba, ɗaya cikin goma ne kawai ya motsa. Sauran suna tari, suna goge ido, suna ci gaba da rubutu. Shi ya sa za ka ga ɗan kabu-kabu ya faɗi a titi, mutum hamsin sun kewaye shi, wasu har da ɗaukar hoto a waya, kowa na jiran wani ya fara. Saboda haka in kai ne a kansa, kada ka ce "jama'a a taimaka". Nuna mutum ɗaya ka ce, "Kai mai shuɗiyar riga, tsayar mana da adaidaita." Nauyin da aka raba wa hamsin ba ya danne kowa, amma in ka ɗora wa ɗaya zai ji shi.

Yanzu bari in ba ku nawa, don kada ku zaci ina magana ne daga kan tudu. Ina shekara goma sha shida, wata ranar Alhamis an aike ni kasuwa sayen man gyaɗa, sai na ji an kwarma "Ɓarawo! Ɓarawo!" Ban san lokacin da na fara gudu ba. Ban ga wanda ake bi ba, ban san me aka sace ba, bayan wani mai jar hula kawai nake bi. A hanya na tsinci dutse. Har yau ina tuna ɗuminsa a tafin hannuna, da wani irin daɗi da na ji a ƙirji, kamar na zama babba, kamar ni da duk mutanen nan jiki ɗaya muke. Da muka cim masa, yaro ne da bai girme ni ba, an yaga masa riga, leɓensa na jini, yana ta cewa, "Don Allah ku tambaye ni." Wani dattijo mai sayar da goro ya kutsa tsakiya, ya dafa kan yaron, bai ɗaga murya ba ya ce, "Wane ne aka yi wa satar? Ya fito." Shiru. Ya sake tambaya. Babu wanda ya fito. Sai mutane suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa. Na duba hannuna, ga dutse, kwalbar man kuwa ban san inda na yar da ita ba. A gida na sha faɗa kan kwalba. Maganar dutsen ban gaya wa kowa ba sai da na girma.

Abin da ya same ni yana da bayani. A cikin taro mutum yakan ji ba a ganinsa, don haka babu mai tuhumarsa. Ihu da gudu suna sa zuciya bugawa, tunani kuma yana bukatar natsuwa. Ga shi kowa na ganin laifin ya rabu gida ɗari, nasa kason ɗan kaɗan ne. Amma alƙali ba ya raba shi haka, kun dai san na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. Ku a shekarunku abin ya fi ƙarfi, domin bincike ya nuna matashi ya fi yin kasada idan ya san sa'o'insa na kallonsa. Wanda ke tuƙa babur lafiya lau shi kaɗai, da ya zo wucewa ta gaban fadarsu, 'yan shayi na zaune, sai ya saki hannu. Ƙwayar farko da yawancin yara ke haɗiya, aboki ne ya miƙa musu a gaban abokai. Yau kuma taron ya shigo aljihu: saƙon murya ya zo a WhatsApp, an ce a tura wa kowa, ka tura don ka ga an turo shi a zaure uku, alhali duka ukun daga mutum ɗaya ya fito.

Ba cewa nake ku guji jama'a ba. Ni ma ranar hawan salla ina cikin turmutsutsun ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni, in kuma ɗan kokawarmu ya yi kaye, ihuna ya fi na kowa. Gayya taro ce, jam'in salla taro ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an kira ku fita don neman haƙƙinku na ɗalibai, wannan ma taro ne, sai dai ina so in na tare ɗayanku a bakin ƙofa na ce, "Me kuke nema?" ya iya ba ni amsa da bakinsa, kada ya ce mini, "Malam, an ce a fito ne."

Akwai wani ɓangare na gwajin Asch da na ajiye muku. Ya sake shi, amma ya sa mutum ɗaya tak cikin 'yan haɗin bakin ya faɗi amsar gaskiya. Shida na ƙarya, ɗaya na gaskiya. Bin ƙaryar ya faɗo daga kashi ɗaya cikin uku zuwa wajen 5 cikin 100. Mai goron nan haka ya yi mana. Na tabbata rabinmu zuciyarmu ta riga ta fara tsinkewa, jira muke wani ya fara magana.

To, gobe ƙarfe takwas ina da 'yan aji huɗu. Zan yi bayani, zan ce, "Kun gane?" Akwai ɗaliba ɗaya da na roƙa ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba, ko da ta gane, ba kuma zan gaya muku ko wace ce ba. Zan ƙirga hannu nawa za su biyo nata. Mai fanke kuma ina riƙe da bashinta na dala ashirin na kuɗin sefa, wani ya yi mata wayo lokacin da take kallon macijin da babu shi. Wanda ya san shi ne, ya same ni a ofis.

Na gode, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.