Rahoton Duba Darasi: Lissafi, Aji 3B

Rana: Talata, mako na 6, zango na biyu
Lokaci: 9:10 zuwa 9:45 na safe
Batu: Ɗebewa mai aro, lambobi masu gida biyu
Halarta: yara 68 cikin 74 da ke rajista

Shiri

Malama ta zo da tsarin darasi a rubuce, da sa hannun hedimasta, kuma batun ya dace da jadawalin mako. Matsalar tana ga manufa. An rubuta "yara su fahimci ɗebewa", wanda ba abin da za a iya aunawa ba ne. Ya kamata ta ce: a ƙarshen darasi yaro zai warware aiki 3 cikin 4 irin 52 − 27 shi kaɗai. Ƙullin kara goma-goma da ta tanada kayan aiki ne mai kyau, sai dai ƙulli 6 kawai ta kawo, duka a teburinta.

Gabatarwa

Muryarta tana kaiwa layin baya, rubutun allo a sarari yake, ta kuma raba gidan ɗaya-ɗaya da na goma-goma da layi. Inda ta fi burge ni shi ne sa'ad da ta kwance ƙulli ɗaya a gaban yara, 52 ya koma goma huɗu da ɗaya-ɗaya 12. Sau ɗaya ta yi haka. Daga nan ta koma "mu ara ɗaya", yara suna maimaitawa, ba wanda aka tambaya ɗayan nan mene ne.

Bitar darasin jiya ta ci minti 14, aikin yara ya samu minti 6. Cikin tambayoyi 11, tara aji ne ya amsa baki ɗaya. Biyun da suka rage yaran benci na gaba ta kira.

Shaidar koyo

Da ta ce "Kun gane?" aji ya ce "E, Malama!" Littattafai ba su nuna haka ba. Na duba 20 daga gaba, tsakiya da baya. Bakwai sun yi daidai. Tara sun rubuta 52 − 27 = 35, da 40 − 13 = 33, wato suna cire ƙaramar lamba daga babba duk inda take. Huɗu tambaya kawai suka kwafa. Da ta zagaya aji minti biyu, da ta ga wannan kuskure kafin a buga ƙararrawa.

Hukunci

Shiri: da kyau. Gabatarwa: matsakaiciya. Shaidar koyo: ba ta gamsar ba.

Abin da muka amince da Malama

Za ta sake darasin ranar Alhamis, kowane benci da ƙulli 5 da kara 2, yara su kwance da hannunsu kafin a rubuta. Bita kada ta wuce minti 5. Za ta kira yara da suna, har da 'yan baya. Hedimasta zai duba littattafan ranar Juma'a, ni kuma zan dawo a mako na 8.

Jami'in sa ido kan makarantun firamare