Gwajin Lissafi a kan Rabo da Daidaito: Tambayoyi, Tsarin Bayar da Maki da Kurakuran da Aka Saba Gani

Aji biyu na ƙaramar sakandare, zangon karatu na biyu, Jos. Lokaci: minti 40. Jimillar maki: 30.

Zuwa ga malaman da za su kula da gwajin kuma su duba takardu

Malamai 'yan'uwana, na tsara wannan gwaji ne domin mu gano ɗaliban da suka fahimci cewa rabo kwatanci ne da ake yi ta hanyar ninkawa da rabawa, mu bambanta su da waɗanda har yanzu suke ƙari da ragi a inda ya kamata su ninka. Saboda haka na zaɓi lambobin kowace tambaya ta yadda kowane irin kuskure zai haifar da tasa amsar ta daban, wadda mai dubawa zai gane da zarar ya gan ta. Na so in saka tambaya a kan rabon gado, tunda yara da yawa sun san cewa ɗa namiji yana samun ninki biyu na kason 'ya mace, amma na fasa, domin gado yana da hukunce-hukuncen da suka wuce 2 : 1, kuma ba daidai ba ne mu nuna wa yara kamar lissafinsa a nan ya tsaya.

Umarni ga ɗalibai

A amsa dukkan tambayoyin guda 7, kuma a nuna hanyar da aka bi a kowace tambaya, domin mafi yawan makin yana kan hanyar ne. Ba a yarda da amfani da kalkuleta ba.

Tambayoyi

1. Sauƙaƙa waɗannan rabo zuwa mafi ƙanƙantar siffarsu: (a) 18 : 24, (b) minti 40 : awa 2. (maki 4)

2. A wani aji akwai ɗalibai 45, kuma 27 daga cikinsu mata ne. (a) Rubuta rabon maza ga mata a sauƙaƙe. (b) Kashi nawa bisa nawa na ajin ne maza? (maki 4)

3. Sani da Ladi sun haɗa jari sun sayo dankalin Turawa daga Bokkos, suka sayar a kasuwar Farin Gada. Sani ya zuba naira 60,000, Ladi kuma ta zuba naira 90,000. Sun ci ribar naira 35,000, kuma sun yi yarjejeniyar raba ta gwargwadon jarin kowa. Nawa kowannensu zai samu? (maki 5)

4. Mudu 4 na acca yana isar mutum 24 idan aka yi gwate. Mudu nawa ake bukata domin mutum 42, idan kowa zai ci daidai da na farko? (maki 5)

5. Magina 6 suna gama wata katanga a kwana 10. Kwana nawa magina 4 za su ɗauka su gama irin wannan katanga, idan ƙarfin aikinsu ɗaya ne? (maki 5)

6. Ana haɗa kankare da siminti, yashi da tsakuwa bisa rabon 1 : 2 : 4. Idan magini ya zuba kwano 10 na yashi, kwano nawa na siminti da kwano nawa na tsakuwa zai zuba? (maki 4)

7. A wata taswira mai ma'aunin 1 : 50,000, tazarar da ke tsakanin ƙauyuka biyu santimita 6 ce. Nawa ce ainihin tazarar a ƙasa, da kilomita? (maki 3)

Ƙa'idojin dubawa

Maki iri biyu ne: makin hanya, wanda ake bayarwa idan ɗalibi ya ɗauki matakin da ya dace ko da ya yi tuntuɓe a ƙididdiga, da makin amsa, wanda ba a bayar da shi sai an ga hanyar da ta kai gare shi. Sai dai ɗalibin da ya rubuta amsa daidai ba tare da wani aiki ba, zai samu maki 1 kawai a wannan tambayar, in ban da 1(a), wadda dama makinta ke nan. Idan ɗalibi ya yi kuskure a matakin farko, sannan ya ɗauki wannan lambar ya ci gaba da ita ta hanya ingantacciya, a ba shi makin hanya na matakan da suka biyo baya, kada a hukunta shi sau biyu a kan kuskure ɗaya. Rashin rubuta naira, mudu ko kwana yana jawo ragin maki 1 sau ɗaya tak a duk takardar.

Tsarin maki da amsoshin kuskure

Tambaya ta 1. Amsar (a) ita ce 3 : 4, maki 1, kuma wanda ya tsaya a 9 : 12 bai gama sauƙaƙawa ba, don haka ba shi da maki. A (b), mayar da awa 2 zuwa minti 120 yana da maki 1, rubuta 40 : 120 yana da maki 1, sai 1 : 3 maki 1. Amsar da za ku fi gani ita ce 20 : 1, daga wanda ya sauƙaƙa 40 : 2 bai lura cewa minti da awa ba ma'auni ɗaya ba ne, kuma wannan ba ta da maki ko ɗaya. Wanda ya rubuta 40 : 200, ya kai ga 1 : 5, ya ɗauka awa minti 100 ce, amma tunda ya san ana bukatar daidaita ma'auni, a ba shi maki 1.

Tambaya ta 2. Gano cewa maza 18 ne, maki 1; rubuta 18 : 27, maki 1; sauƙaƙawa zuwa 2 : 3, maki 1. Amsar (b) ita ce 2/5, ko 18/45, maki 1. Wanda ya rubuta 3 : 2 ya juya jerin ne, sai a ba shi maki 2. Wanda ya rubuta 3 : 5 ya kwatanta mata da ajin gaba ɗaya, ya yi amfani da lambobin da ya gani a tambayar kawai, ba shi da maki. A (b) kuwa, 2/3 tana nuna ɗalibin da ya ɗauki rabon maza ga mata ya mayar da shi kason maza a cikin aji.

Tambaya ta 3. Rabon jari 60,000 : 90,000, wato 2 : 3, maki 1; jimillar kaso 5, maki 1; kaso ɗaya naira 7,000, maki 1; Sani naira 14,000, maki 1; Ladi naira 21,000, maki 1. A nan nake roƙon ku yi hattara da lambar 17,500, domin tana fitowa ta ƙofa biyu mabambanta. Akwai ɗalibin da ya raba ribar gida biyu daidai, ya bai wa kowa 17,500, wanda ke nuna bai yi la'akari da jarin ba sam, kuma ba shi da maki. Akwai kuma wanda ya samo 2 : 3 daidai, sannan ya raba 35,000 da 2 ya bai wa Sani 17,500, ya raba ta da 3 ya bai wa Ladi kimanin 11,667. Wannan na biyun yana da maki 1 na rabon, amma a rubuta masa a gefen takarda cewa ya haɗa kason biyu ya ga ko sun koma 35,000, ya kuma tambayi kansa ko Ladi, wadda ta fi zuba kuɗi, za ta yarda ta tashi da ƙaramin kaso. Wanda ya samo 14,000 da 21,000 amma ya musanya sunayen zai samu maki 4.

Tambaya ta 4. Hanyar da aka fi bi ita ce a gano cewa mudu 1 yana isar mutum 6, maki 2. A raba 42 da 6, maki 2. Amsa mudu 7, maki 1. Wanda ya rubuta 4/24 = x/42 ya warware, ko ya lura cewa mutum 18 da suka ƙaru suna bukatar mudu 3 ya haɗa da 4, duk sun cancanci cikakken maki, kada a tilasta wa kowa hanyar da muka rubuta a allo. Amsar da ta fi damuna ita ce 22. Ɗalibin ya ga mutane sun ƙaru da 18, sai ya ƙara 18 a kan mudu 4, kuma wannan shi ne ainihin tunanin ƙari da na ambata a sama. Bara, da nake duba irin wannan tambaya, na kira wata yarinya da ta rubuta haka, na tambaye ta ko a gidansu ana auna wa kowane baƙo mudu guda na acca, sai ta rufe baki da gefen hijabinta tana dariya, ta ce, "Malam, ai ko a biki ba a yin haka." Ba ta rasa hankalin girki ba, haɗa shi da lissafin aji ne ba ta yi ba. Amsar 22 ba ta da maki, haka ma kimanin 2.3, wadda ke fitowa daga ninka 4 da 24 a raba da 42.

Tambaya ta 5. Nuna cewa aikin gaba ɗaya 6 × 10 = 60 ne, wato magini ɗaya zai yi kwana 60, maki 2; raba 60 da 4, maki 2; amsa kwana 15, maki 1. Da gangan na sa wannan tambaya ta biyo bayan ta 4, domin mu ga wanda zai maimaita hanyar da ya yi amfani da ita ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba, kuma irin wannan ɗalibi zai samu kwana 6 da biyu bisa uku, ko 6.7, wanda ba shi da maki. Kwana 8 ma ba shi da maki, domin an rage 2 daga magina an rage 2 daga kwanaki. Kwana 12 kuskure ne, amma na fi ganin alamar fahimta a cikinsa, tunda mai shi ya gane cewa raguwar magina tana ƙara kwanaki. Idan ya rubuta wannan bayani da kalmominsa a ba shi maki 1, idan kuma lambar kawai ya ajiye kada a ba shi komai.

Tambaya ta 6. Kaso 2 daidai yake da kwano 10, don haka kaso ɗaya kwano 5 ne, maki 2. Siminti kwano 5, maki 1. Tsakuwa kwano 20, maki 1. Wasu za su haɗa 1 + 2 + 4 su raba 10 da 7, saboda sun haddace cewa kullum ana haɗa kaso, alhali a nan 10 ta yashi ce kaɗai. Wasu kuma za su ɗauki 10 a matsayin kaso ɗaya su rubuta 10 da 40. Duka biyun ba su da maki.

Tambaya ta 7. Ninka 6 da 50,000 a samu santimita 300,000, maki 1. Mayarwa zuwa mita 3,000, maki 1. Kilomita 3, maki 1. Amsoshin 30, 300 da 3,000 matsalar juya ma'auni ce, sai a ba da makin farko idan ninkawar ta bayyana.

Bayan dubawa

A bayan takardar makin kowane aji, ina roƙon kowane malami ya ƙirga ɗalibai nawa suka rubuta 22 a tambaya ta 4, nawa suka rubuta 8 ko 12 a ta 5, nawa kuma suka raba da 7 a ta 6. Idan masu 22 suka kai kashi ɗaya bisa huɗu na aji, za mu dakatar da sabon darasi mu koma kan teburin ninkawa na rabo, da mudu da kwano a gaban allo. A kawo mini takardun da aka duba tare da wannan ƙirga a ofishin malamai kafin tashi ranar Alhamis ta mako na bakwai.