Jadawalin Wallafa na Satumba 2025: Shagonmu na Hindawiyya, Jidda

'Yata, ga tsarin wannan wata, tunda ke ce mai riƙe da shafukanmu. Alhamis da Juma'a ba sa neman talla, amare sun cika su. Damuwarmu Lahadi zuwa Talata, da kujeru ke zama babu kowa. Don haka duk rangwamen da za mu yi a waɗannan ranaku zai faɗa, kuma ba za mu ambaci farashi ba sai mun koya wa mace wani abu, mun nuna mata aikin hannunmu.

Abu biyar kafin ki fara. Fuskar kowa ba ta fita sai da izininta a rubuce ta WhatsApp, in babu, hannu da ƙafa da bayan kai sun isa. Ki duba madubi kafin ki ɗauka, nan ne wata ke fitowa ba lulluɓi ba ki sani ba. Kowane farashi ki rubuta shi da harajin kashi 15 a ciki. Rubutu da Hausa a sama, Larabci a ƙasa. Lokacin saki kuwa bayan Isha'i.

MAKO NA FARKO

Litinin 1, ilimi. Bidiyo a TikTok da Snapchat kan baƙin lalle. Mai lallenmu ta kwaɓa ganye da hannunta a gaban kyamara, sannan a ce: "Lallen gaskiya ja yake fita, ya yi ta nuna har kwana biyu. Wanda ya yi baƙi ƙirin nan take, yawanci an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake rubutawa PPD. Wasu yana tayar musu da ƙuraje, ya bar tabo a siffar zanen. In dole sai baƙi, a gwada ɗan ɗigo a jira awa 48." Kada ki sa hoton hannun da ya ƙone daga intanet, ba namu ba ne, kuma tsoro ba ya kawo mutum shago.

Laraba 3, shaida. Hoto uku na hannu ɗaya: ranar zane, washegari, da bayan mako guda. Akwai su a wayar shago.

Asabar 6, ilimi. Tambaya a Snapchat: "Me ya fi damun gashinki a Jidda, gumi, karyewa ko amosani?" Ki ajiye amsoshin, da su za mu yi aikin ranar 8.

MAKO NA BIYU, na gashi

Litinin 8, ilimi. Mai kitso ta amsa tambayoyin Asabar, minti ɗaya. Abin da nake so ta nanata shi ne gaban goshi. Kitson da aka ja har ido ya ɗage, sannan aka ɗaure shi tamau ƙarƙashin ɗankwali wuni guda, shi ke cinye gashin gaba a hankali. Ta kuma faɗi cewa a zafin nan da laimar teku, rufe gashi yana jiƙe na kawo ƙaiƙayi da wari. Ta yi magana yadda take yi mana a shago, kada ki ba ta takarda ta karanta, daskarewa take yi.

Talata 9, shaida. Shuku da kalaba daga baya, a ga tsagar da kyau.

Laraba 10, tayi na farko. "Makaranta ta koma, uwa ta gaji. Lahadi zuwa Talata, ki zo da 'yarki 'yar ƙasa da shekara goma: wanki da kitsonki riyal 80, nata riyal 25." Zai ci gaba har ƙarshen wata. Ki maimaita shi a WhatsApp kowace Asabar da dare.

Juma'a 12. Ba talla. Gaisuwar Juma'a kawai.

MAKO NA UKU, na amare

Nan kuɗin shagon yake, don haka nan za ki fi ba da ƙarfi.

Lahadi 14, ilimi. Hotuna jere a Instagram, "Yaushe amarya za ta fara gyara?" Dilka da turaren jiki tun saura mako biyu zuwa uku. Halawa saura kwana uku ko huɗu, don jan fata ya kwanta, kuma a huta da turare da ruwan zafi a wurin na yini guda. Lalle saura kwana biyu. Shafi na ƙarshe da manyan baƙaƙe: mai juna biyu da mai asma ba ma zaunar da su kan hayaƙi. Iyayen amare sukan yi mana gardama a kan wannan, gara su gani tun daga gida.

Talata 16, ilimi, kuma na san zai jawo surutu. Maganar man bilicin da ake haɗawa a kwalba ba suna ba takarda. Ki rubuta: "Dilka tana goge dattin fata ta sa ta laushi da sheƙi. Ba ta mayar da baƙa fara, mu ma ba ma yi. Haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, ana samun masu sinadarin da ke sirantar da fata ya bar nankarwa. Ki duba ko hukumar abinci da magunguna ta ƙasa ta san da shi." In wata ta turo hoton fatar da ta lalace, ki ce ta ga likitan fata, kada ki rubuta mata magani.

Alhamis 18, shaida. Amaryar wannan mako ta yarda a ɗauki hannu da ƙafa. Ki ɗauka kafin La'asar, kafin dangi su cika wuri. Ki roƙi uwarta saƙon murya bayan biki, maganar uwa ta fi tamu shiga kunnen iyaye.

Asabar 20, tayi. "Gyaran amarya cikakke: dilka zama shida, halawa, lalle, kitso da kwalliyar ranar, riyal 1,400. Kafin alƙalami riyal 300. Amare huɗu kawai muke ɗauka a Oktoba." Huɗun gaskiya ne, ɗakin dilka ɗaya gare mu. In sun cika ki sauke tallan.

MAKO NA HUƊU DA RAGOWAR WATA

Lahadi 21 zuwa Talata 23, tayin Ranar Ƙasa, karo na 95. Lalle hannu biyu da wankin kai riyal 95, hoton tallan cikin koren bango. Gari duk zai cika da wannan lamba, don haka hoto ɗaya a rana ya wadatar. Takardar izinin rangwame daga ma'aikatar kasuwanci ni zan nema, kada ki saki komai sai na ce ta fito.

Alhamis 25, ilimi. Gajere: lalle launi ne, ba ya hana ruwan alwala taɓa fata, jan farce kuwa yana rufe farce. Ki tsaya a nan, sauran bayani na malamai ne.

Asabar 27, shaida. Zagayen shago da safe kafin a buɗe: yadda ake wanke mataji da tsinken kitso, tawul mai tsabta, halawar da ba a maimaita wa mutum biyu.

Lahadi 28, tayi. Albashin gwamnati na 27 ne, amma bana ya faɗo Asabar, sai yau zai shiga. Ki saki katin zama huɗu na dilka, riyal 360 maimakon 440, ana biya da katin Mada ko a hannu.

Talata 30. Godiya, da hoton zane uku da aka fi so, a zaɓi ɗaya. Da daddare ki kawo mini littafin karɓar baƙi. Duk wadda ta zo a watan an tambaye ta inda ta gan mu, da shi za mu zauna mu tsara Oktoba ranar Laraba bayan Magariba.